Abarejin albashi ya ce dubu 75, yaran gidan burodi sun ce ba su san wannan kuɗin ba

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam Akanta. Ina da gidan burodi a Dakata, mu 11 ne har da ni. Masu sa leda huɗu kowa dubu 35 a wata, mai gadi 40, mai yanka da awo 50, mai kwaɓi 55, direba 60, kashiya 70, babban mai gashi 120, ni kuma na yanka wa kaina 290. A fom ɗin neman bashi na rubuta matsakaicin albashi dubu 75. Wani yarona ya gani, yanzu ana ta tsegumi wai na yi wa banki ƙarya. Ɗana kuma ya ce wai midiyan ko mod ya kamata in rubuta. Wanne ne daidai?

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara buɗi.

Ba ka yi ƙarya ba. Na tara kuɗin da kaina, ya ba ni dubu 825, na raba gida 11, ya ba ni dubu 75 cif. Amma yaranka ma ba ƙarya suka yi ba, kuma da ni ne a cikinsu, abin da suka faɗa zan faɗa. Ka duba jerin da ka aiko mini: mutum nawa ne suka haura dubu 75? Kai da mai gashi. Sauran mutum tara duk suna ƙasa, kuma babu ko mutum ɗaya a gidan da yake karɓar wannan adadin a ƙarshen wata.

Rabin rigimar ma kalmar ce ta jawo. Mu da Hausa "matsakaici" muke cewa, kuma duk wanda ya ji wannan kalmar, tsakiya ce za ta faɗo masa a rai. Matsakaicin mutum shi ne wanda ba dogo ba ba gajere ba. To da yaronka ya ga an rubuta matsakaicin albashi, abin da ya fahimta shi ne albashin ma'aikacin da yake tsaka-tsaki a gidan, ba na sama ba, ba na ƙasa ba. Kai kuwa abin da ka lissafa shi ne wanda 'yan boko suke kira abareji, wato a tara kuɗin kowa a kwano ɗaya a raba daidai wa daida. Waɗannan abubuwa biyu ne daban. A inda albashin mutane ya yi kusa da juna sukan haɗu, shi ya sa mutane suka ɗauka abu ɗaya ne. A gida irin naka kuwa sun raba hanya.

Dalilin rabuwarsu albashinka ne. Abareji kuɗi yake aunawa, ba kawuna ba, saboda haka wanda ya fi kuɗi shi ya fi ƙarfin ja. Masu sa ledar nan huɗu gaba ɗayansu dubu 140 suke karɓa, kai kaɗai ka ninka su har da ɗoriya. Kamar sikelin 'yan hatsi ne a Dawanau: buhu ɗaya cikakke a gefe guda zai rinjayi ƙananan ƙulli da yawa a ɗaya gefen. Gwada cire kanka daga lissafin. Saura dubu 535 a tsakanin mutum goma, abareji ya faɗo zuwa 53,500. Ba a rage wa kowa ko kwabo ba, mutum ɗaya kawai aka fitar, lambar ta sauko da sama da dubu 21. Ko kuma ka juya abin. A ce kasuwa ta yi kyau, ka ƙara wa kanka dubu 110, ka koma 400. Jimla ta zama dubu 935, abareji ya hau dubu 85. Sai ka iya tsayawa gaban jama'a ka ce albashi ya ƙaru da dubu goma a gidanka, alhali mutum goman nan ko kuɗin Adaidaita Sahu ba su gani ba.

Kada wannan ya sa ka ɗauka abareji lambar banza ce. Akwai aikin da shi kaɗai yake yi. Idan ka ninka shi da yawan ma'aikata, zai dawo maka da jimlar kuɗin da za ka fitar: dubu 75 sau 11, dubu 825. Midiyan da mod babu wanda zai yi maka haka. Mai ba da bashi kuma abin da ya dame shi ke nan, yana so ya san nawa ne yake fita daga aljihun sana'ar kowane wata kafin a zo maganar biyansa. Haka ma idan kana so ka san nawa ne kuɗin ma'aikata a kan kowane buhun fulawa da aka kwaɓa, daga jimla za ka fara. Abareji lambar mai gida ce, lambar kasafi. Inda take ɓata shi ne idan aka ɗauke ta aka ce ita ce hoton abin da ma'aikaci yake kai wa gida.

Wannan hoton aikin midiyan ne, wanda ni na fi son in kira shi na tsakiya. Fitar da shi ba ya bukatar raba komai. Na taɓa nuna wa wani mai shagon ɗinki a wajen Kofar Wambai, wanda yake da irin wannan gardamar da telolinsa. Muka yayyaga kwalin da ake naɗe shadda a jiki, muka rubuta albashin kowa a ƙyalle ɗaya, muka jera a kan teburin yanka daga ƙarami zuwa babba. Na ce ya sa hannun dama ya ɗauke na ƙarshen dama, ya sa na hagu ya ɗauke na ƙarshen hagu, ya ci gaba da haka biyu biyu. Da ya rage saura ɗaya a tsakiyar tebur, ya ɗaga ya duba, ya yi shiru, sannan ya ce ai wannan shi ne albashin da yake faɗa wa duk wanda ya kawo masa ɗansa aiki. Ya san lambar tuntuni, sunanta ne bai sani ba.

In muka yi wa gidanka haka, jerin zai zama 35, 35, 35, 35, 40, 50, 55, 60, 70, 120, 290. Mutum 11 ne, saboda haka na shida ne a tsakiya, biyar a bayansa, biyar a gabansa. Mai yanka da awo ke nan, dubu 50. Da wannan ka rubuta, babu yaron da zai yi tsegumi, don kowa ya san shi, kowa ya san ko yana samansa ko yana ƙasansa. Ka koma ga ƙarin dubu 110 da muka ce ka yi wa kanka: ƙyallenka yana nan a ƙarshen layi, ko miliyan ka rubuta a kai, na shida bai motsa ba. Na tsakiya bai damu da nisan da na gaba ya yi ba, matsayinsa a layi kawai yake dubawa.

Tsakanin dubu 75 da dubu 50 akwai dubu 25, kuma wannan tazarar ita kanta labari ce. Duk lokacin da aka kawo mini littafin albashi, kafin in karanta sunaye nakan fitar da lambobin nan biyu in ajiye su gefe da gefe. Idan suna kusa da juna, na san albashin gidan bai yi nisa da juna ba, ko wanne aka faɗa ya wadatar. Idan abareji ya tsere wa na tsakiya da nisa, na san akwai mutum ɗaya ko biyu a sama da suka ja shi, kuma galibi mai gida ne ko ɗan'uwansa. Da wuya ka ga akasin haka a albashi, saboda ƙasa tana da iyaka, ba wanda zai yi maka aiki a ƙasa da abin da zai ci, sama kuwa ba ta da rufi. Inda na fi ganin abareji ya faɗi ƙasa da na tsakiya shi ne shagon da aka saka almajiran koyon sana'a biyu ko uku a lissafi, masu karɓar kuɗin sabulu kawai, a tsakiyar ƙwararrun da albashinsu ya yi kusa da juna.

Sai dai ɗanka bai gaya maka duka ba, don na tsakiya ma yana da makantarsa, kuma a ƙaramin gida makantar ba ƙarama ba ce. A ce tsegumin nan ya taɓa ka, ka ƙara wa masu sa leda dubu goma goma, suka koma 45. Dubu 40 ke nan kake ƙara fitarwa kowane wata, kuma ka taimaki waɗanda suka fi kowa bukata. Sake jera su: 40, 45, 45, 45, 45, 50, sannan sauran. Na shida har yanzu dubu 50 ne. Na tsakiya bai ga alherin da ka yi ba sam, saboda babu wanda ya tsallake mai yanka. Abareji ne ya gani, ya tashi zuwa wajen 78,600. Halin da ya sa bai ruɗu da albashinka ba, shi ne ya hana shi ganin ƙarin yaran.

Ga wata kuma. Azumi ya matso, ciniki ya ƙaru, ka ɗauki sababbin masu sa leda biyu a dubu 35. Kun zama 13, tsakiya ta koma kan mutum na bakwai. Masu dubu 35 yanzu shida ne, na bakwai mai gadi ne, dubu 40. Na tsakiya ya faɗo da dubu goma, alhali ka samar wa mutum biyu aikin yi, ba ka taɓa albashin kowa ba. Wanda bai san abin da ya faru ba, ya ga 50 bara 40 bana, zai ce ka danne ma'aikata. Idan kuwa mutum ɗaya ka ɗauka, kun zama 12, babu mai tsayawa a tsakiya shi kaɗai. Ƙa'ida ita ce a ɗauki na shida da na bakwai, 40 da 50, a haɗa a raba biyu, ya ba da dubu 45. Daidai ne a lissafi, amma ka ga mun koma gidan jiya, lambar da ba mai karɓarta. A ma'aikatar da take da mutum dubu, shigowar mutum biyu ba ta motsa na tsakiya. A gidan mutum 11, inda tsakanin mutum da na kusa da shi yakan kai dubu biyar ko goma, kowane shiga da fita sai ya girgiza shi. Saboda haka kafin ka kwatanta na tsakiyan bana da na bara, fara duba ko mutanen da ke layin su ne dai na bara.

Mod shi ne mafi sauƙi: adadin da ya fi maimaituwa. A gidanka dubu 35 ne, mutum huɗu. Tambayar da yake amsawa ita ce ta maƙwabcinka da ya tare ka bayan sallar magariba ya ce, "Alhaji, in na kawo yaron nan, nawa zai riƙa samu?" Yawanci guraben da suka fi yawa su ne na shigowa, shi ya sa mod yakan nuna albashin sabon shiga. A nan na taɓa yin kuskure a farkon aikina. Wani mai kamfanin ruwan leda a Sharada ya ce in rubuta masa sanarwar neman ma'aikata, ni kuma da rawar kan sabon akanta na ɗauko abarejin gidan na ce kusan abin da ake biya ke nan. Samari suka cika ƙofa tun da sassafe da takardunsu a leda. Da aka faɗa musu ainihin kuɗin mai loda jaka a mota, rabi suka juya, wani dattijo da ya rako ɗansa ya dube ni ya ce, "Yaro, wannan lissafin naka a wace makaranta aka koya maka?" Guraben da ake nema duk na masu lodi ne, mod ya kamata in rubuta.

Amma ban ba ka shawarar ka sa shi a matsayin hoton gidan gaba ɗaya ba. Dubu 35 shi ne mafi ƙanƙanta a jerinka, mutum bakwai sun fi shi, in ka faɗe shi shi kaɗai kai ka zalunci kanka. Sannan ba ya jure ƙaramin sauyi. Ka ce wannan watan an yanke wa ɗaya kuɗin kwanan da bai zo ba ya tashi da 33,600, wani ya ci bashi ya karɓi 30,000, wani ya yi aikin dare ya samu 37,500, na huɗu ya karɓi 35,000 ɗinsa. Babu adadin da ya fito sau biyu a duk gidan, mod ya ɓace. Maganinsa shi ne a yi lissafin a kan albashin da aka yi yarjejeniya, ba abin da aka miƙa a hannu ba, ko kuma a yi rukuni, a ce daga dubu 30 zuwa ƙasa da 40 mutum nawa, daga 40 zuwa ƙasa da 50 mutum nawa, a ga rukunin da ya fi cika.

Tunda ɗanka ya san sunayen, da alama yana taɓa kwamfuta. Idan ya zuba albashin a Excel daga B2 zuwa B12, ga abin da zai rubuta:

```
=AVERAGE(B2:B12)
=MEDIAN(B2:B12)
=MODE(B2:B12)
=COUNT(B2:B12)
```

Na farkon uku za su ba shi 75000, 50000 da 35000. Na huɗun don tsaro ne, dole ya nuna 11. Idan ya nuna 10, to akwai gurbin da aka bari babu komai, ko aka rubuta lamba haɗe da kalma, kamar a sa "dubu 35", na'urar kuma sai ta tsallake shi ba tare da ta yi magana ba. Gurbin da aka sa wa 0 kuwa tana ƙirga shi, saboda haka wanda ya tafi hutu aka rubuta masa sifili zai ja abareji ƙasa. In MODE ya fito da #N/A, ba lalacewa ya yi ba, yana nufin babu adadin da ya maimaitu.

Akwai abin da ya riga duk wannan, wanda na ga ya fi kayar da mutane a gidajen burodi. Lambobin da ake jerawa dole su zama jinsi ɗaya. Idan akwai mai karɓar kuɗin yini, a mayar da shi na wata: mai 1,500 a rana da yake zuwa kwana 26 yana kan dubu 39 ne, sama da masu sa ledarka, ko da yake shi a ransa yana ganin ya fi kowa ƙasa. Idan direba yana da kamasho a kan abin da ya sayar, a ɗauki na watanni da yawa a daidaita, kada a ɗauki na watan azumi kaɗai. Abincin rana da burodin da kowa yake tafiya da shi gida, ko a sa wa kowa kuɗinsu ko a cire wa kowa. Sannan dubu 290 ɗinka. Ni a littafi ba na haɗa mai gida da ma'aikata, saboda albashinsa shi ya yanka wa kansa, gobe yana iya cewa dubu 100 ne ya kwashi sauran a matsayin riba, abin da yake shiga aljihunsa bai canza ba amma abarejin gidan ya ruguje. Idan aka ware ka, mutum goman nan abarejinsu 53,500, na tsakiyansu 45,000 (tsakanin mai gadi da mai yanka), mod yana nan a dubu 35. Tazarar da ta kai dubu 25 ta koma 8,500, kuma ragowar ma yawancinta mai gashi ne ya jawo.

Wani abu da nake zargin yana ƙarƙashin tsegumin yaranka shi ne mafi ƙarancin albashi. Tun watan Yulin 2024 doka ta mayar da shi naira dubu 70 daga dubu 30 na 2019, gwamnatin Kano kuma ta sanar da dubu 71 ga nata ma'aikatan. Yaro ya ga dubu 75 a takarda, sai ya ɗauka kana nuna wa duniya ka haye wannan layin. Dokar ta ware wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, saboda haka a yanzu ba ta hau kanka ba. Amma ka riƙe wannan don ranar da gidan zai girma: mafi ƙarancin albashi a kan kowane mutum ake duba shi, ba a kan abareji ba. A jerinka mutum takwas ne suke ƙasa da dubu 70, kashiya tana kai daidai. Babu ɗaya daga cikin lambobin nan uku da yake amsa wannan tambayar, sai dai a duba wanda ya fi kowa ƙarancin albashi a layi.

Game da fom ɗin, ba sai ka janye shi ba. Idan gurbin abareji ya nema, abareji za a ba shi. Abin da zan yi in ni ne, in koma wurin jami'in da ya karɓa in tambaye shi ko suna so a haɗa da mai gida. In ya ce a'a, a gyara zuwa 53,500 na mutum goma, a rubuta naka a layi daban, jimlar fitar wata ta zauna a dubu 825 yadda take. In da wurin ƙarin bayani, ka haɗa da jerin muƙamai da albashinsu ba tare da sunaye ba. Mutum 11 layi takwas ne kawai a takarda, mai karatu zai gani da idonsa cikin minti ɗaya, ba ya bukatar a taƙaita masa.

Yaran kuma ka tara su bayan an sauke gashin safe, kafin direba ya fita. Ba sai ka bayyana albashin kowa ba, don wannan ma wata fitinar ce. Ka ce musu lambar da suka gani ta banki ce, an tara kuɗin kowa har da naka aka raba, don a san nauyin da gidan yake ɗauka a wata. Sannan ka faɗa musu da bakinka cewa ka san yawancinsu ba su kai ta ba, kuma in aka cire ka aka jera su, tsakiyar layin wajen dubu 45 take. Ka shirya, don daga nan wani a cikin masu sa leda zai tambaye ka ko in bashin ya fito za a duba su. Ƙarin dubu goma goma ga su huɗun dubu 40 ne a wata, dubu 480 a shekara. Ka zauna da littafin cinikinka ka ga ko gidan zai ɗauka kafin ranar.